Sajewar sauti da ƙirar ɓoye: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban tsarin sauti suka fi yawan kawowa idan aka iso babin ƙirar ɓoye. Na ɗauki Jamusanci a matsayin babban misali domin a kansa aka fi yin wannan muhawara, amma hujjar da za a koya a can tana aiki a Hausa daram, kuma za mu gwada ta a kan kalmomin da muke faɗa kullum.

Me ake nufi da sajewar sauti?

Sautuka biyu ne da harshe yake bambantawa, har su raba ma'anar kalmomi, sai a wani muhalli bambancin ya ɓace, su fito iri ɗaya. A Jamusanci akwai *Rad*, wato ƙafar keke ko ta mota, akwai kuma *Rat*, wato shawara ko majalisa. A rubuce sun bambanta, amma a baki duk biyun [ra:t] ne. Idan Bajamushe ya furta ɗaya ita kaɗai, ba tare da jimla ba, ɗan'uwansa ba zai iya rantsewa a kan wadda yake nufi ba. Da zarar an ɗafa musu wasali a ƙeya sai kowace ta nuna kanta: siffar mallaka ta farko *Rades* ce, da [d], ta biyu kuwa *Rates*, da [t].

Ke nan Jamusanci yana da /d/ da /t/ a matsayin ƙwayoyin sauti mabambanta, sai dai a ƙarshe [t] kaɗai ake ji. Haka /b/ da /p/, haka /g/ da /k/, haka /z/ da /s/, haka /v/ da /f/. Duk tsayau ko zuzau mai ziza, wato wanda tantanin maƙwallato yake kaɗawa wajen furta shi, yana rasa zizarsa a wannan wuri. Irin wannan cire ziza a ƙarshe ana samun sa a Rashanci, da harshen Folan, da na Holan, da Katalanci, da Turkanci.

A kula, ba duk sauyin furuci ne sajewa ba. Sai idan sauyin ya haɗe abubuwa biyu da a wani wuri suke rarrabe.

To mece ce ƙirar ɓoye, kuma me ya sa ake buƙatarta?

Ƙirar sarari ita ce abin da ya fito daga baki. Ƙirar ɓoye kuwa ita ce abin da muke cewa mai harshe ya adana a kansa game da sautin wata ƙwayar ma'ana, wanda daga gare shi ake samo duk siffofin da ake ji. Ana rubuta ta ɓoye tsakanin sanduna, /ra:d/, ta sarari kuma tsakanin baka mai kusurwa, [ra:t].

Dalilin buƙatarta mai sauƙi ne. Saiwar kalmar ƙafar keke tana fitowa a siffa biyu, [ra:t] da [ra:d]. Kalmar ɓarawo ma haka, *Dieb* [di:p] da jam'inta *Diebe* mai [b]. Kalmar yini haka, *Tag* [ta:k] da *Tage* mai [g]. Idan muka ce yaro Bajamushe yana haddace siffa bibbiyu na kowace kalma ne kawai, mun mayar da abin da yake maimaituwa a ɗaruruwan kalmomi tamkar haɗuwar sa'a. Idan kuwa muka ce siffa ɗaya ya adana, sannan akwai doka guda da take aiki a kan dukkansu, mun bayyana me ya sa sauyin yake tafiya a hanya ɗaya kullum.

Me zai hana a ɗauki kalmar tilo, wadda ba a ɗafa mata komai ba, a ce ita ce asali?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗawa rami. Zuciya tana raya wa mutum cewa gajeriyar siffa, wadda ƙamus yake kawowa, ita ce uwa. Amma ba a zaɓen ƙirar ɓoye da raɗaɗin zuciya, ana gwada zato biyu ne a ga wanda ya tsira.

Ga bayanan da za mu yi aiki da su:

| Ma'ana | Ba ɗafi | Da ɗafi |
|---|---|---|
| shawara | Rat [t] | Rates [t] |
| ƙafar keke | Rad [t] | Rades [d] |
| aiki | Werk [k] | Werke [k] |
| dutse | Berg [k] | Berge [g] |
| iri | Typ [p] | Typen [p] |
| ɓarawo | Dieb [p] | Diebe [b] |

Abu na farko, a raba saiwa da ɗafi, a ga waɗanne saiwoyi ne suke sauyawa, waɗanne ne ba sa sauyawa. Uku suna sauyawa, uku suna nan yadda suke. Waɗanda ba sa sauyawa babu gardama a kansu: /ra:t/ ce, tunda ba a taɓa jin ta da wani abu ba. Gardama tana kan masu sauyawa.

Zato na farko: asalin kalmar ƙafar keke /ra:t/ ne, sai wata doka ta sa wa /t/ ziza idan wasali ya biyo baya. Zaton ba wauta ba ne, domin harsuna da yawa suna zizantar da baƙi a tsakanin wasula. Sai dai doka ba ta san ma'ana ba, sauti kawai take gani. Idan ta kama /ra:t/ ta ƙafar keke ta mayar da ita *Rades*, dole ta kama /ra:t/ ta shawara ita ma, tunda a wannan zato ba abin da ya raba su. Sakamakon sai ya zama shawara ma tana da [d] a siffar mallaka, abin da ba ya faruwa. Haka za ta ɓata *Werke* da *Typen*. Hanyar ceton zaton ita ce a bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya ana yi musu alama, wannan tana bin doka, wannan ba ta bi, kuma wannan alamar ba komai ba ce illa ziza da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga.

Zato na biyu: asalin /ra:d/ ne, sai doka ta cire ziza a ƙarshe.

```
[-sonoran] → [-ziza] / __ ]gaɓa
```

Wato duk tsayau ko zuzau yana zama maras ziza a ƙarshen gaɓa. A gwada. /ra:d/ ita kaɗai tana ba da [ra:t]. Da ɗafi, /d/ ta koma farkon gaɓa ta biyu, doka ba ta same ta ba, ta tsira. /ra:t/ kuwa dama ba ta da ziza, don haka doka ba ta da abin cirewa. Duk layuka shida sun fito daidai, ba a yi wa kowace kalma alama ta musamman ba.

Sirrin yana cikin alkiblar hasashe. Idan aka ba ka *Berge* da *Werke*, za ka iya faɗin yadda tilonsu zai ƙare. Idan aka ba ka [bɛrk] da [vɛrk], ba ka da hanyar sanin wadda za ta ɗauki [g] a jam'i. Muhallin da bambanci yake raye shi ne yake nuna abin da aka adana, muhallin da ya mutu ba ya ba da shaida.

Akwai hujja ta ƙari da ya kamata a rubuta a amsa. Zato na biyu ya bayyana wani giɓi: me ya sa a daidaitaccen Jamusanci babu kalma ko ɗaya da ake furtawa da [b], [d] ko [g] a ƙarshe? Domin doka tana share su. Zato na farko ba shi da abin cewa game da wannan giɓi.

Me ya sa aka rubuta ƙarshen gaɓa a dokar, ba ƙarshen kalma ba?

Saboda kalmomi irin *lieblich*, mai daɗi ko kyakkyawa. Saiwarta ita ce ta *Liebe*, ƙauna, mai [b]. A *lieb* ana jin [p], wannan ƙarshen kalma ne. A *lieblich* ma [p] ake ji, alhali baƙin yana tsakiyar kalma, a ƙarshen gaɓar farko. Wanda ya tsaya a tilo da jam'i kaɗai zai rubuta dokar da ta yi kaɗan. Kowane harshe sai an bincika nasa muhallin.

Ai rubutu ya riga ya nuna amsa, tunda da d ake rubuta Rad. Wannan ba hujja ba ce?

Ba hujja ba ce, ko da yake a nan ta dace da gaskiya. Yaro yana furta *Tag* da *Tage* daidai tun kafin ya shiga makaranta. Kuma rubutu shawarar mutane ce, tana canzawa. Marubutan Jamusanci na tsakiyar zamani, wajen ƙarni na 12 da na 13, suna rubuta *tac* da *tages*, wato suna bin kunne. Na yanzu suna bin saiwa. A harshen Holan an raba ƙafa: ana rubuta *hond*, kare, da d saboda jam'in *honden*, amma ana rubuta *huis*, gida, da s duk da cewa jam'in *huizen* ne. Turkawa suna rubuta *kitap* da *kitabı*, suna bin furuci. Wannan *kitap* da *littafi* namu daga kalmar Larabci ɗaya suka fito.

Idan da rubutu ne hujja, sai mu ce kwakwalwar Bajamushe ta sauya ranar da marubuta suka sauya al'ada. Ina rage maki ga duk amsar da ta jingina da rubutu, ko da ta kai ga ƙirar da ta dace.

Akwai irin wannan a Hausa?

Cire ziza a ƙarshen kalma ba shi ne matsalarmu ba, domin galibin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa. Amma sajewa muna da ita, kuma misalinmu ya fi na Jamusanci daɗin koyarwa.

Dubi waɗannan jimloli biyu: *ya gaji ubansa*, *ya ciji yatsa*. Da wakilin suna kuma, *ya gaje shi*, *ya cije shi*. Duk saiwoyin biyu da [j] suka ƙare. Yanzu a sa musu wasalin da ba na gaba ba: *abin da ya gada*, *abin da ya ciza*, *gado*, *cizo*. Ɗaya ta fito da [d], ɗaya da [z]. Ganɗantawa ce ta haɗe su: a gaban /i/ da /e/, /d/ tana zama [j], /z/ ma tana zama [j], kamar yadda /t/ take zama [c] a *sata*, *saci*, *sace*, /s/ kuma take zama [sh] a *fansa*, *fanshi*, *fanshe*. Bambancin shi ne /t/ da /s/ kowace ta tafi gidanta, /d/ da /z/ kuwa sun tare a ɗaki ɗaya. Haka abin yake a sunaye: *gida* ta ba da *gidaje*, *kaza* ta ba da *kaji*.

A gwada zato biyu kamar ɗazu. Mu ce asalin /ga:j/ da /ci:j/ ne, sai doka ta mayar da /j/ zuwa [d] a gaban /a/ da /o/. Za ta ba mu *gado* daidai, amma za ta haifar da *cido*, wadda ba Hausa ba ce. A juya dokar ta ba da [z], sai *cizo* ta gyaru, *gado* ta lalace. Bugu da ƙari, ga *ja*, ga *jaka*, ga *kwalejoji*, duk da [j] a gaban /a/ ko /o/ ba abin da ya taɓa ta. Don haka ƙirar ɓoye /ga:d/ ce da /ci:z/, doka kuma daga su take tafiya zuwa [j].

Misali na biyu yana masallaci. *Liman* da *ladan*, idan aka tsaya a kansu, da ɗan hanci iri ɗaya suke ƙarewa, [ŋ], irin na ƙarshen *nan* da *can*. Jam'insu kuwa *limamai* da *ladanai*. Ta farko /m/ ce a ɓoye, ta biyu /n/. Ga shi rubutunmu ya sa n a duka biyun, alhali a *malam* ya bar m, ko da yake mutane da dama [ŋ] suke furtawa a can ma. Sannan a *malanta* da *limanci* wannan /m/ ɗin ta nashe da baƙin da ya biyo ta. Wanda ya dogara da rubutu a nan zai ce /n/ ce take zama [m] a jam'i, kuma *ladanai* za ta ƙaryata shi nan take.

Dole in faɗi iyakar dokar ganɗantawa, don kada a ɗauka ta kai ta Jamusanci ƙarfi. Kalmomin aro irin *tebur*, *tikiti* da *siminti* sun shigo ba a ganɗanta su ba, kuma /d/ ta fi sauran taurin kai, ga *dila* ga *gadi*. Dokar ta fi aiki a inda saiwa ta haɗu da ɗafi. Wannan bai rushe hujjar alkibla ba, ya dai rage faɗin muhallin.

Kalmar da ba ta taɓa sauyawa fa, wadda kullum a muhallin sajewa take?

Nan hujjar ɗazu ta ƙare, domin babu siffa ta biyu da za a duba. Jamusanci yana da *und*, mai ma'anar da, yana da *ab*, mai ma'anar daga, yana da *weg*, mai ma'anar tafi can ko kau. Ba a ɗafa musu wasali. Ana jin [t], [p], [k], shi ke nan.

Nikolai Trubetzkoy, na mazhabar Firag, wanda babban aikinsa a kan tsarin sauti ya fito a 1939 bayan rasuwarsa, ya ce a muhallin sajewa abin da yake wurin ba /t/ ba ne, ba kuma /d/ ba. Wata uwar ƙwayar sauti ce da ta ƙunshi abin da biyun suka yi tarayya a kai, ba ta da hukuncin ziza, ana rubuta ta da babban baƙi, /T/. Masu nazarin da suka zo daga baya galibi sun fi son cewa idan babu sauyi, abin da kunne ya ji shi ne aka adana: /ʊnt/. Ni ma nan na karkata, saboda yaro ba shi da dalilin ƙirƙiro /d/ da bai taɓa ji ba.

Tarihi ya ba da shaida mai kyau a kan wannan. Harshen Yidish, na Yahudawan Turai, ya samo asali daga Jamusancin tsakiyar zamani, kuma daga baya ya yar da dokar cire ziza. Da dokar ta tafi, sai kalmomi masu sauyawa suka dawo da zizarsu: *tog*, yini, *veg*, hanya. Amma *avek*, wadda take daidai da *weg* ta kau, ta zauna da [k], duk da cewa daga kalmar hanya ta fito tun asali. Ta riga ta rabu da danginta, ba ta da jam'in da zai tuna wa masu harshe da /g/, sai suka adana ta da /k/. Wannan ya nuna abu biyu a lokaci guda: /g/ ta *veg* tana nan a kawunan mutane duk tsawon zamanin da ake furta ta da [k], kuma abin da ya riƙe ta shi ne sauyin da ake ji.

Ta yaya za a san ƙirar ɓoye tana kan mutane da gaske, ba a takardar malami kaɗai ba?

Ana duba abin da mutane suke yi da kalmar da ba su gada ba. Bajamushe ya aro *Job* da *Klub* daga Ingilishi yana furta su da [p], kuma idan yana koyon Ingilishi yakan cire zizar ƙarshen kalmomi ba da saninsa ba. Dokar tana raye ke nan.

Hausa ta ba da shaida mafi ban sha'awa, ta juyin hanya. *Alhaji* daga Larabci take, kuma jim ce a can, babu /z/ ko kusa. Amma jam'inta *alhazai*. Daga ina /z/ ta fito? Bahaushe ya ji [j] a gaban /i/, ya lissafa ta cikin irin su *kaji* da *kaza*, *miji* da *maza*, ya yanke cewa /z/ ce aka ganɗanta, sai ya maido ta a gaban *-ai*. Haka *canji*, daga Ingilishi, ta haifi aikatau *canza*. Babu malamin nahawu da ya tsara wannan. Masu harshe ne da kansu suka yi aikin da muke sa ɗalibi ya yi, suka tsaya a gaban sautin da ya saje suka zaɓa masa asali. Kuma a duka biyun /z/ suka zaɓa, ba /d/ ba, abin da ya dace da cewa ganɗantar /z/ ta fi ta /d/ tabbata a harshen.

Dole ne ƙirar ɓoye ta yi daidai da ɗaya daga cikin siffofin da ake ji?

A'a. Kalmar ƙaho a Rashanci, *rog*, ana furta ta [rok]. Jam'inta *roga*, nauyin furuci yana kan gaɓar ƙarshe, wasalin farko kuma ya raunana ya koma kusa da [a]. Sajewa biyu ce ta haɗu: ziza tana ɓacewa a ƙarshen kalma, bambancin /o/ da /a/ kuma yana ɓacewa a gaɓar da ba ta da nauyi. Tilo ya adana wasali ya ɓatar da baƙi, jam'i ya adana baƙi ya ɓatar da wasali. Ƙirar ɓoye /rog/ sai an harhaɗo ta, kowane sauti daga inda bai saje ba. Saboda haka ba a tambayar wace siffa ce uwa, ana bin sautukan saiwa ne ɗaya ɗaya.

Akwai inda hanyar zato biyu take gazawa?

Akwai, kuma Turkanci ne misalin da aka fi kawowa. Dubi uku: *at*, doki, *atı*, dokinsa, *tat*, ɗanɗano, *tadı*, *ad*, suna, *adı*. Ta farko [t] ce kullum. Ta biyu tana sauyawa. Ta uku [d] ce kullum, har a ƙarshe. Idan muka ba *tat* /d/ da dokar cire ziza, dokar za ta cinye *ad*. Idan muka ba ta /t/ da dokar zizantarwa, za ta cinye *atı*. Rukuni uku ba sa shiga ramuka biyu.

Sharon Inkelas ta ba da mafita a shekarun 1990: mai [t] kullum an adana ta maras ziza, mai [d] kullum an adana ta mai ziza, mai sauyawa kuwa an bar ta ba hukunci, muhalli ne yake cike mata. Uwar ƙwayar sautin Trubetzkoy ce ta dawo da sabuwar riga. Wasu sun fi son a lissafa irin su *ad* a matsayin togaciya kawai. Darasin aiki shi ne, kafin ka rubuta doka, ka nemi rukuni na uku. A Jamusanci babu shi, shi ya sa hujjar ta tafi sumul.

Har ina aka yarda mutum ya nutsa wajen ɓoye ƙira?

Wannan gardama ta yi zafi bayan 1968, shekarar da Noam Chomsky da Morris Halle suka fitar da nazarinsu na sautin Ingilishi mai ƙirori masu nisa da furuci, kuma a shekarar ce Paul Kiparsky ya yi tambaya a kan iyakar hakan. Abin da ya ƙi shi ne a ƙirƙiro bambanci a ɓoye wanda yake sajewa a kowane muhalli, ba a taɓa jin sa ko sau ɗaya.

Hausa tana da filin gwada wannan. August Klingenheben, a ƙarshen shekarun 1920, ya bayyana yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka raunana a tarihin Hausa. Na hanɗa sun koma [u], shi ya sa muke da *talaka* da *talauci*, *ɓauna* da *ɓakane*. Na hanƙa sun koma [r], kamar a *farke* da *fatake*. Na leɓe ma sun koma [u] a karin gabas, inda Bakano yake cewa *sauka* da *Audu*, Basakkwace kuma *sabka* da *Abdu*. Ka ga [u] ta ƙarshen gaɓa mahaɗar sautuka da yawa ce.

To, a *talauci* ana iya kare /k/, domin *talaka* tana bakin kowa. A *sauka* fa? Yaron Kano yana jin *sauka*, *saukar*, *sassauka*, babu inda baƙin leɓe ya leƙo. Wanda ya rubuta masa /sabka/ a matsayin ƙirar ɓoye, tarihi ya rubuta, ko kuma karin Sakkwato, ba abin da yake kan yaron ba. A tsakani akwai irin *zuciya* da *zukata*, inda sauyin yake nan amma ya tsufa, har *zuciyoyi* ta samu wurin zama kusa da shi. A ganina irin wannan jam'i haddace shi ake yi ɗungurungum, kuma fitowar *zuciyoyi* alama ce cewa /k/ ɗin ba ta da ƙarfi a kan masu magana na yau.

Na ji an ce Rad da Rat ba su saje gaba ɗaya ba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Robert Port da Michael O'Dell, a 1985, sun auna furucin Jamusawa suka tarar wasalin da ya gabaci baƙi mai ziza a ɓoye ya ɗan fi tsawo, da kimanin milisakan 15 a matsakaici, kuma masu sauraro suna bambancewa fiye da abin da sa'a za ta bayar, amma da kaɗan. Marios Fourakis da Gregory Iverson, a 1984, sun sa mutane furta kalmomi ba tare da karanta su ba, suka ga bambancin ya kusa ɓacewa, suka ce rubutu ne yake jan bakin mai karatu a ɗakin gwaji. Gwaje-gwajen baya da suka kauce wa rubutu sun sake samun bambancin, ƙarami ƙwarai.

Me wannan ya yi wa hujjarmu? Bai taɓa alkiblarta ba: har yanzu ba za ka iya hasashen *Rades* daga abin da kunne yake ji a *Rad* ba, kuma ragowar bambancin, idan akwai, yana nuni ne zuwa ga /d/. Abin da ya girgiza shi ne hoton doka a matsayin wuƙa mai yanke ziza tsaf ta miƙa wa baki [t] guda. Wasu suna ganin siffofin dangi irin *Räder*, jam'in *Rad*, suna farkawa a kai lokacin furuci, suna ɗan jan tilo zuwa gare su. Wanda yake son aikin digiri yana iya ɗaukar *gaji* da *ciji*, ko *liman* da *ladan*, ya naɗi muryoyin mutane ba tare da nuna musu rubutu ba, ta hanyar hotuna ko tambayoyin da za su jawo kalmar, sannan ya auna tsawon baƙin da na wasalin da ya gabace shi.